Yadda ake haɗa jarrabawar farko da ta ƙarshe a gajeren horo

Tambaya: Malam, za mu horar da masu sa kai 24 a Tawa na kwana uku kan gano tamowa a jikin yara. In ba su takarda ɗaya a farko da ƙarshe, ko in rubuta biyu?

Amsa: Malama, ki rubuta biyu, amma su zama tagwaye. Idan kika maimaita takarda ɗaya bayan kwana uku kacal, mutane za su tuna tambayoyin, wasu ma sun riga sun tattauna amsoshin a wurin shan shayi tun daren farko, sai makin ya hau ba tare da kin san ko darasin ne ya ɗaga shi ba. Idan kuwa takardun suka bambanta a wahala, abin da za ki auna shi ne bambancin takardun.

Kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya, ki jera abubuwan da kike so mutum ya iya yi ranar da zai koma ƙauyensu, sannan ki raba maki 20 a kansu gwargwadon lokacin da kowanne zai ci a aji: a ce takwas ga awon damtse, biyar ga gano kumburin ƙafafu, bakwai ga sanin yaron da za a tura cibiyar lafiya. Kowace tambaya a takardar A sai ki yi mata ƴar'uwa a takardar B, mai neman sani iri ɗaya, da yawan zaɓi iri ɗaya, kuma a lamba ɗaya.

Ga misali. A takardar A an auna damtsen yaro ɗan wata 14 an samu milimita 112, ana tambayar abin da za a yi. Amsar ita ce a tura shi cibiyar lafiya, domin duk awon da ya gaza 115 ga yaro mai wata 6 zuwa 59 yana cikin ɓangaren ja na igiyar awo, wato tamowa mai tsanani. A takardar B sai ki sa yarinya ƴar wata 20 da milimita 111. Abin da nake yawan gani, kuma yana damuna, shi ne a sa 115 daidai a takarda ta biyu, alhali wannan adadin yana kan iyakar ja da rawaya, ya fi na farkon wuya nesa ba kusa ba, sai wanda ya fahimci darasin ma ya faɗi.

Tambaya: Ta yaya zan tabbatar wahalarsu ɗaya ce?

Amsa: Ki raba ajin biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 12 su fara da A su ƙare da B, sauran 12 su fara da B su ƙare da A. Tun safiyar farko ki kwatanta matsakaicin makin ɓangarorin: idan masu A sun samu 9, masu B kuma 9 ko 10, babu damuwa, idan kuwa 8 ne da 12, akwai alamar B ta fi sauƙi, amma tun da kowace takarda ta faɗo a farko da ƙarshe, matsakaicin ajin gaba ɗaya ba zai karkata ba. Lokacin da aka bayar da harshen da aka yi amfani da shi su zama ɗaya sau biyun, kuma idan akwai waɗanda sai an karanta musu, mutum ɗaya ya karanta. Kowa ya rubuta lambar da kika ba shi a madadin suna, domin ki iya haɗa takardunsa biyu ba tare da ya ji kunya ba.

Tambaya: Da me zan ce horon ya yi aiki?

Amsa: A ce matsakaicin ajin ya tashi daga 9 zuwa 15. Ƙarin maki shida ne, amma tun da 11 ne kawai suka rage a kai 20, an cike shida cikin 11 na giɓin, kusan kashi 55 cikin 100. Ki tuna cewa tambaya 20 masu zaɓi huɗu suna ba mai canki kawai kusan maki biyar, shi ya sa yana da kyau ki ƙara zaɓin “ban sani ba”, ki kuma gaya musu cewa ba a korar kowa saboda makin farko. Idan ajin ya fara da 17, takardar ta yi sauƙi da yawa, ba ta bar wurin da ci gaba zai bayyana ba.

Daga nan ki bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan mutum 10 cikin 24 suka ci tambayar kumburi a farko, 11 kuma a ƙarshe, to ko darasin bai shiga ba, ko tambayar ce ke da ruɗani, kuma za ki gane ta hanyar tambayar mutum biyu ko uku yadda suka fahimce ta.

Takarda dai ba ta nuna ko mutum ya san tsakiyar damtse, ko yana matse igiyar awo fiye da kima, ko yana danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku kafin ya duba ko ramin ya tsaya. Waɗannan sai ki tsaya a kansa ki gani, a farko da ƙarshe, da jerin matakai iri ɗaya a hannunki. Idan hali ya yi, ki sake gwada su bayan wata ɗaya ko biyu a wurin aikinsu, domin makin ranar rufewa abin da ke cikin kai a ranar kawai yake nunawa.