Mece ce wasiƙar tarihin ciwo, kuma me ya sa ake jera ta bisa kwanan wata?

Wasiƙar tarihin ciwo gajeriyar takarda ce da mara lafiya yake rubutawa zuwa ga likitan da zai gani karo na farko. A cikinta yake zayyana yadda ciwon ya faro, da yadda ya yi ta sauyawa, har zuwa ranar da ya ɗauki biro. Ta bambanta da takardar da wani likita yake ba ka ka kai wa babban likita, domin waccan magana ce tsakanin ma'aikata. Wannan kuwa daga bakin mai ciwon take fitowa. Wasu sukan aika ta kafin ranar ganin likita idan asibitin yana da hanyar karɓa, wasu kuma su riƙe ta a hannu su miƙa da zarar sun zauna.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa labarin da mara lafiya ya bayar shi ne babban abin da suke gano cuta da shi. A wani bincike da aka buga a Birtaniya a 1975, an duba sabbin marasa lafiya 80, aka samu cewa a 66 daga cikinsu likita ya riga ya gane cutar tun daga takardar turowa da labarin da aka ba shi, kafin ya taɓa jikin mutum ko ya aika shi gwaji. Sai dai ba kullum ake samun sararin ba da labarin ba. Wani binciken da aka yi a Amurka a 1984 ya nuna cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. Ga kuma ruɗewa irin ta wanda ba shi da lafiya: kana shiga ofishin, rabin abin da ka shirya faɗa ya tashi daga kanka, sai ka fito ka tuna da shi a bakin ƙofa.

Abin da ya sa wannan wasiƙa ta zama abin da take shi ne jerin lokaci. Yawancinmu idan aka ce mu faɗi abin da ke damunmu, da wanda ya fi ci mana rai muke farawa, sannan mu koma baya, mu sake dawowa gaba. Likita kuwa so yake ya san wanne ya riga wanne. Tarin da ya zo kafin zazzaɓi da tarin da ya biyo bayan zazzaɓi ba hanya ɗaya suke nunawa ba. Haka nan tsawon lokaci yana da nasa hukuncin: tarin da bai kai mako uku ba galibi na mura ne, wanda ya wuce mako biyu a inda tarin fuka ya yawaita akan nemi a gwada majina, wanda kuma ya haura mako takwas a jikin babba ana ɗaukarsa tari mai daɗewa, binciken da ake masa daban ne. Idan ka ce wa likita "ya ɗan kwana biyu", ka bar shi bai san a wane rukuni zai sa ka ba.

A ɗauka wata mata ce mai shekara 54, tari ya hana ta sakat. Da baki za ta yi bayani, mai yiwuwa ta ce: "Likita, tari ne ya ƙi jin magani, ba na barci, na sha maganin tari har na gaji." Duk gaskiya ne, amma ba a iya gina komai a kai. Ga yadda wasiƙarta za ta kasance idan ta jera ta:

"Zuwa ga Likita. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, zan zo wurinka ranar 20 ga Yuni saboda busasshen tari da ya kai kimanin mako goma. Shekarata 54. A ranar 18 ga Maris aka ce ina da hawan jini, aka fara ba ni lisinopril, miligiram 10, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Wajen 10 ga Afrilu na fara jin ƙaiƙayi a maƙogwaro, kamar wani abu ya maƙale, sai tari ya biyo baya. Babu majina. A ƙarshen Afrilu na sha maganin tari na ruwa tsawon mako guda, ban ga canji ba. A tsakiyar Mayu wani mai shagon magani ya ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar, na shanye, shi ma bai yi komai ba. Tun farkon Yuni tarin yana tashina sau biyu ko uku cikin dare. Ban yi zazzaɓi ba, na auna sau da yawa bai kai digiri 38 ba. Ba na gumin dare, ban rame ba, ban ga jini ba, numfashina ba ya sarƙewa, ba na jin ƙwannafi. Ba na shan taba, kuma babu mai tari a gidanmu. Abin da nake tsoro shi ne ko tarin fuka ne. Na gode."

Likitan da ya karanta wannan, idonsa zai tsaya a kan layi biyu: 18 ga Maris da 10 ga Afrilu. Lisinopril yana cikin wani rukunin magungunan hawan jini da sunayensu suke ƙarewa da "pril" a jikin kwali, irin su enalapril da captopril, kuma sanannen abu ne cewa suna jawo wa wasu mutane busasshen tari mai ƙaiƙayi, mata sun fi maza samunsa. Dalilin shi ne maganin yana hana jiki rushe wani sinadari, sai ya taru ya riƙa tsokanar hanyar numfashi. Tarin yana iya farawa cikin kwanaki, yana iya jinkirtawa makonni ko watanni, kuma wannan jinkirin ne yake sa mai shan maganin ba ya danganta abu biyun. Ita kanta matar ba ta zargi ƙwayar ba. Rubuta ranar fara ta kawai ta yi a inda ta faɗo cikin jerin, sai alaƙar ta fito da kanta.

A nan ne na fi so mai rubutu ya kula. A cikin jerin kwanakin ba ciwo kaɗai ake sawa ba. Duk wani sabon abu da ya shigo rayuwarka a makonnin da suka gabaci ciwon yana da gurbi: sabon magani, ƙari ko ragi a wanda kake sha, maganin gargajiya, tiyata, tafiya, canjin wurin aiki, zama da wani mara lafiya. Mutane sukan bar waɗannan a waje da tunanin ba su da alaƙa, alhali yanke hukuncin alaƙa aikin likita ne. Naka shi ne ka ajiye masa su a kan ranakunsu. Sunan magani kuma a kwafe shi harafi da harafi daga kwali, tare da ƙarfinsa da yawan shansa, domin "farar ƙwaya ƙarama" ta yi kama da ɗaruruwan magunguna.

A lura kuma da jimlolin da suka fara da "ban" da "ba na". Wanda bai saba ba zai ga kamar ɓata takarda ne a rubuta abin da babu. Amma rashin zazzaɓi, rashin gumin dare, rashin rama da rashin jini su ne suke rage zargin tarin fuka, rashin ƙwannafi kuma yana rage zargin cewa ruwan ciki ne yake hawowa yana tayar da tarin. Sharaɗin kawai shi ne kada ka ce babu sai ka tabbata. Idan kana shan farasitamol kullum saboda ciwon gwiwa, faɗi haka, don yana iya ɓoye zazzaɓi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta sunan cuta a madadin abin da ake ji. "Ulsa ta ta tashi" ko "taifot ne ya dawo" hukunci ne, kuma yana iya karkatar da likita zuwa inda ba nan matsalar take ba. Abin da ake so shi ne a ce zafi ne a saman cibiya, yana zuwa idan ciki ba komai, yana lafawa bayan an ci abinci. Idan wani likita ya taɓa tabbatar maka da cuta, rubuta yaushe, da kuma gwajin da aka yi. Tsoronka kuwa kada ka haɗiye shi, sa shi a layin ƙarshe kamar yadda matar nan ta yi, domin likitan da ya san abin da kake fargaba zai yi maka bayani a kansa kai tsaye.

Ranakun fa, idan an manta? Katin asibiti, rasit na magani, saƙonnin waya da ka tura wa 'yan uwa kana cewa ba ka jin daɗi, duk suna ɗauke da kwanan wata. Inda ba ka samu tabbas ba, rubuta "wajen" ko "tsakiyar watan kaza". Kada ka ƙirƙiri rana don takardar ta yi kyau, saboda a misalin da ya gabata, da matar ta matsar da farkon tarin zuwa kafin 18 ga Maris, da ta wanke maganin daga zargi. A guji "jiya" da "makon jiya" ma, tunda ba ka san ranar da za a karanta ba. Shafi ɗaya ya isa. Yi kwafi biyu, domin ba kowane likita ne yake samun karantawa kafin ka iso ba, sai ka miƙa masa ɗaya ka riƙe ɗaya kana dubawa.

Akwai ciwon da ba a zama rubuta masa wasiƙa. Ciwon ƙirji mai danna mutum, numfashi da ƙyar, tari ko amai da jini, shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, matsanancin ciwon kai da ya zo farat ɗaya, duk waɗannan na sashen gaggawa ne a take. Ga mai shan irin maganin matar nan, kumburin leɓe ko harshe ko fuska ma haka ne, domin yana iya toshe hanyar iska.

Wasiƙar ba ta ɗauke wa likita aikinsa. Zai saurari ƙirjin matar, zai auna jininta, kuma tarin mako goma yana iya sa ya nemi hoton ƙirji ko gwajin majina don ya kawar da shakka. Ita ma ba za ta daina shan ƙwayar da kanta ba, don hawan jinin yana nan. Idan likita ya gamsu, zai sauya mata da wani maganin daga wani rukunin. Irin wannan tari yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu bayan sauyin, a wasu mutane yakan kai wata uku. Saboda haka sai ta ƙara layi a kwafin da ke hannunta, ta rubuta ranar da aka sauya maganin, sannan ta riƙa rubuta sau nawa tarin ya tashe ta a kowane mako. Idan ta koma aka ga adadin yana sauka, an gano dalilin. Idan wata uku ya wuce yana nan yadda yake, likita zai juya ga asma, ko majinar da ke gangarowa daga hanci zuwa maƙogwaro, ko hawowar ruwan ciki.