Rubutu ɗaya a ƙasan hoton talla a kafofin sada zumunta, da Hausa da Turanci: amsoshin masu tambaya

Malam, kawai in rubuta da Hausa, sai in fassara duka da Turanci a ƙasa?

A'a. Haka ake ninka tsawon rubutu a banza. Farashi, rana, lokaci, lambar waya da sunan unguwa ba su da yare, sau ɗaya ake rubuta su. Abin da ake faɗa sau biyu shi ne mene ne kayan, da me ake so mai karatu ya yi.

Wanne zan sa a sama?

Yaren waɗanda suka fi saye a wurinki, Hajiya. Duba saƙonni ashirin na ƙarshe da suka shigo miki, ki ƙirga na Hausa da na Turanci. Wanda ya rinjaya shi ne a sama. Kuma in kin zaɓa ki tsaya a kai, kada yau Hausa a sama gobe Turanci, domin mai bin shafinki yana sabawa da layin da idonsa zai sauka.

To a nuna mana misali mana.

A ce mai kilishi ce a Kano za ta sa hoto a Instagram. Abin da aka saba gani shi ne sallama, sai "muna farin cikin sanar da abokan cinikinmu", sai farashi da kalmomi, naira dubu goma sha biyu, sai adireshi, sannan a sake zuba duk wannan da Turanci. Layi goma ko fiye. Ga yadda ya kamata:

```
Sabon kilishi ya iso.
Fresh kilishi is ready.
500g ₦12,000 | 1kg ₦23,000
Oda/Order: WhatsApp
Zoo Road, Kano
```

Layi biyu na farko ne kaɗai aka maimaita. Na uku alƙaluma ne, kowa ya iya karanta su. Na huɗu ya ci arziƙin aron kalma, tunda "oda" da takwararta ta Turanci kusan abu guda ne, sai suka zauna a layi ɗaya da alamar / a tsakani. Ba a fassara "kilishi" ba, kuma kada a fassara shi: mai karanta Turanci a Legas ko Abuja da sunan nan ya san shi, wanda bai sani ba kuwa ga hoto a gabansa. Haka atamfa, kunun aya, turaren wuta. Hoto ya riga ya yi rabin bayani, kada a sake gaya wa mutum launin abin da yake kallo.

Dalilin matse shi haka: Instagram yana karɓar haruffa har 2,200, amma kimanin 125 na farko yake nunawa kafin ya yanke ya sa `more`, kuma in an sassauka layi yakan yanke tun kafin nan. Idan Hausarki ta cinye wannan filin da gaisuwa, mai Turanci ba zai ga ko kalma ɗaya tasa ba, zai wuce. Sallama ba laifi ba ce, amma a ajiye ta sai mai saye ya shigo akwatin saƙo, a can a gaisa a natse.

Ba zan iya cakuɗa su a jimla ɗaya ba, irin yadda muke magana?

Ingausa tana yi wa wanda ya iya duka biyun, shi kuwa ba shi ne matsalarka ba. Tsohuwar da ke Gumel da ba ta jin Turanci za ta samu rabin magana, Bayarben da ke Ibadan ya samu ɗaya rabin. Kowane yare da layinsa.

Akwai kuma wani abin da mutane ba sa lura. Kalmomin Hausa da yawa a rubuce kalmomin Turanci ne sak: wake, dare, sake, take, sun, can, so, in. Mai abinci ya rubuta "wake" a tsakiyar jimlar Turanci, mai karatu zai ɗauka maganar farkawa daga barci ake. Masu haɗe "shi ne" su rubuta "shine" kuma, kun ga abin da kuka jawo. Ku raba shi, dama ƙa'idar rubutu ta ce a raba. In layin gaba ɗayansa Hausa ne, ido yana ganewa tun daga kalmar farko ya tsallaka zuwa nasa. Cakuɗawa ce ke hana shi.

Ina karɓar rabin kuɗi kafin in fara aiki, kuɗin mota na mai saye ne, kuma ina rufe karɓar oda kafin Sallah. Duk sai na faɗa sau biyu? Rubutun zai yi tsawo fa.

Wannan tambaya ce ta gaske, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne: duk sharaɗin da rashin fahimtarsa zai sa wani ya yi asarar kuɗi ko a yi rigima, dole ya fito da yaren biyu. Amma sunan sharaɗin ne ake faɗa sau biyu, adadinsa sau ɗaya.

```
Kafin alƙalami / Deposit: 50%
Kuɗin mota na mai saye / Buyer pays delivery
Ranar rufe oda / Last order: 20 Mayu/May, 6:00pm
```

Dubi layi na uku da kyau, nan aka fi tuntuɓe. Mutum zai rubuta "zuwa Juma'a" da Hausa, ya rubuta `before Friday` da Turanci, yana ganin magana ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Mai Hausa zai zo ranar Juma'a da kuɗinsa, shi kuwa mai Turanci an gaya masa Alhamis ce ta ƙarshe. Idan rana da lokaci suka zauna a wuri guda da alƙaluma, babu inda za su saɓa. Sai dai a guji rubuta kwanan wata da alƙaluma zalla kamar 05/06, musamman in akwai masu saye daga waje: a Najeriya 5 ga Yuni ke nan, Ba'amurke kuwa 6 ga Mayu zai karanta. Sunan wata bai fi 'yan haruffa ba, a sa shi.

Lokaci ma haka. "Bayan la'asar" magana ce cikakkiya ga Bahaushe, ba ta buƙatar agogo. Ga wanda ba Musulmi ba, ko wanda ke wani gari, ba ta ce komai ba. Za a iya barinta a layin Hausa in ana so, muddin 4:30pm yana nan a layin kowa da kowa.

To ina iyakar abin? Ya danganta da kaya da kuma masu saye. Sharaɗi biyu ko uku suna shiga ƙasan hoto ba tare da sun yi nauyi ba. In sun kai biyar, kamar na mai ɗinki da ke da awo, kafin alƙalami, ranar karɓa, gyara da kuɗin aike, ƙasan hoto ba wurinsu ba ne. A yi musu hoto na biyu, Hausa a gefe ɗaya Turanci a ɗaya gefen, a rubuta "Sharuɗɗa / Terms ➡️" a ƙasa. Wasu sukan ce a zuba Turancin a sharhi na farko. Yana yi wani lokaci, amma ban cika son sa ba in maganar kuɗi ce, saboda wanda aka tura wa hoton ta WhatsApp ba zai ga sharhin ba. Sau da yawa ma rubutun ƙasan hoton kansa ba ya bin sa, in ɗaukar fuskar waya aka yi aka datse. Don haka in kayanki irin waɗanda ake yawo da hotonsu a zaurukan mata ne, farashi da lamba su hau kan hoton kansa.

Akwai abin da ya halatta ya bambanta. Layin Hausa zai iya ɗaukar "Allah ya kai mu" ko "sai kun zo", na Turanci ya tafi a bushe, babu wanda aka cuta. Abin da bai halatta ba shi ne alkawari ya bambanta. A rubuta "akwai ragi" da Hausa, a rubuta `fixed price` da Turanci, wannan farashi biyu ne, kuma masu jin yaren biyu suna da yawa, za su gani. Haka in Hausa ta ce kaya za su iso Litinin in Allah ya yarda, Turanci kuma ya ce `guaranteed`. Motar Kano zuwa Fatakwal ba a yi mata rantsuwa. A sassauta Turancin ya zama `expected Monday`, sai su yi daidai.

Kada wannan ya tsorata ki, 'yar'uwa. Sau ɗaya ake zama a tsara waɗannan layuka, a adana su a waya, a riƙa canja adadi kawai. Da yake adadin a wuri ɗaya yake, ba za ki gyara na Hausa ki manta na Turanci ba.

Ai akwai maɓallin fassara, me zai sa in wahala?

`See translation` yana ƙoƙarin gane yare ɗaya ne ga rubutun baki ɗaya. In ka cakuɗa, ko ya ƙi fitowa ko ya kawo shirme. Kuma ba a damƙa masa maganar kuɗi.

Haruffa masu lanƙwasa ba za su rikita mai Turanci ba?

Me ya haɗa shi da su? Ba layinsa ba ne. Mai Hausa kuwa yana buƙatarsu, don "kasa" ba "ƙasa" ba ce, "kafa" ba "ƙafa" ba ce. Gboard, allon rubutu na waya, yana da Hausa, a saka shi a daina kawo uzuri. A X, inda iyakar asusun kyauta haruffa 280 ne, ƙ da ɗ da ɓ kowanne harafi ɗaya ake ƙirga shi. Emoji ne ke cin biyu, adireshin shafi kuma 23 komai tsawonsa. Abin lura kawai in za a hau da rubutu kan hoto: wasu salon haruffa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ko harafin ya fita daban da 'yan'uwansa. A duba kafin a saki.

Alamar # fa, kowace sau biyu?

A'a. Sunan kaya da sunan gari sun isa, #kilishi #Kano, kuma na kowa ne. Kada a sa kalma mai alhamza a ciki, irin sana'a, domin alamar tana katsewa daidai wurin alhamzar, a bar ka da #sana.

Zan iya tura wannan rubutun ta saƙon tes?

Za ka iya, amma ka gyara shi tukuna. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka. Da zarar ƙ ɗaya, ko ₦, ko emoji ya shiga, sai ya koma 70, in ya rabu kashi-kashi kuma 67 kowane kashi. Saƙo mai haruffa 140 da ya kamata ya tafi a ɗaya sai ya zama uku, a caje ka kuɗin uku. A nan ne kaɗai zan ce ka sa N a madadin ₦, ka kuma zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa, kamar "farashi" a inda za ka ce "kuɗi".