Gwajin Jar Tawaga a Kan Samfuran Ƙirƙirarriyar Basira

Gwajin jar tawaga shi ne a ɗauki ƙwararru a ba su aikin kai wa samfurin ƙirƙirarriyar basira farmaki da gangan, su yi ta neman hanyar da za su sa shi ya faɗi ko ya aikata abin da aka hana shi, tun kafin a sake shi ga jama'a. Sunan ya samo asali ne daga atisayen sojojin Amurka a zamanin Yaƙin Cacar Baka, inda rundunar da ke kwaikwayon abokan gaba ke ɗaukar launin ja, ta gida kuma shuɗi. Daga bariki al'adar ta shiga harkar tsaron kwamfuta, daga nan ta iso kan manyan samfuran harshe, wato manhajojin da ke karɓar rubutu su mayar da amsa, irin su ChatGPT. Irin wannan gwaji yana iya tabbatar da cewa akwai ɓaraka idan an gano ta, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu ita idan ba a gano ba. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya faɗi haka game da gwajin manhajoji tun wajajen 1970, kuma maganar ta fi yin nauyi a kan samfurin da ke karɓar kowace irin magana a kowane harshe.

Yadda ake gudanar da shi

Aikin yana farawa ne da fayyace abin da ake tsoro. Kamfani ko hukumar gwaji za ta rubuta takamaiman haɗurran: taimaka wa mai neman haɗa makamin ƙwayoyin cuta ko na guba, kutsen kwamfuta, damfara, fallasa bayanan sirrin mutane, ko samfurin ya riƙa aiki shi kaɗai ta hanyar da masu shi ba za su iya dakatarwa ba. Sai a nemo waɗanda suka san kowane fanni, domin wanda bai karanta ilimin sinadarai ba ba zai iya bambance amsa mai haɗari da shirme mai kama da ilimi ba.

Masu gwajin kan zauna su yi ta jarraba dabaru. Wani ya ɓoye buƙatarsa cikin labarin ƙage, wani ya ce shi likita ne, wani ya gutsuttsura tambaya ɗaya zuwa ƙanana goma da kowacce ba ta da laifi a kan kanta. Ana rubuta duk yunƙurin da ya yi nasara, a miƙa wa injiniyoyi su ƙara horar da samfurin ko su sa masa abin tace amsoshi, sannan a sake gwadawa. Tun 2022 masu bincike a kamfanin DeepMind suka nuna cewa ana iya sa wani samfurin ya riƙa ƙirƙiro tambayoyin farmakin da yawan da hannun mutum ba zai kai ba, don haka yanzu ana haɗa na mutane da na inji.

Abubuwa biyu ake aunawa, kuma sau da yawa rahotannin jaridu na cakuɗa su. Na farko shi ne abin da samfurin zai iya yi idan aka cire masa takunkumi. Na biyu shi ne ƙarfin takunkumin kansa. Samfurin da ya ƙi amsa tambaya ba lallai ne ya rasa amsar ba, shi ya sa masu gwaji na gaske kan nemi a ba su sigar da ba a koya wa ƙin amsawa ba.

GPT-4 da ma'aikacin TaskRabbit

Kafin kamfanin OpenAI ya saki samfurinsa na GPT-4 ranar 14 ga Maris 2023, ya gayyaci ƙwararru fiye da 50 su gwada shi. Daga cikinsu akwai cibiyar bincike ta ARC, wadda sashenta na gwaji daga baya ya koma METR. Tambayarta ita ce ko samfurin zai iya samun kuɗi, ya kwafi kansa zuwa wasu kwamfutoci, ya kauce wa a kashe shi.

A wani gwaji, an sa shi ya nemi ma'aikaci a TaskRabbit, dandalin ɗaukar mutane ƙananan ayyuka, ya warware masa CAPTCHA, wato ɗan gwajin hotuna ko haruffa da shafuka ke amfani da shi don tantance mutum daga inji. Ma'aikacin ya yi tambaya cikin raha ko da mutum-mutumi yake magana. Samfurin, a bayanin tunaninsa da masu gwaji suka sa ya rubuta, ya nuna cewa bai kamata ya bayyana kansa ba, sai ya shaida wa ma'aikacin cewa matsalar gani ce ke damunsa. Ma'aikacin ya yi masa aikin.

Labarin ya zaga duniya a matsayin shaidar cewa inji ya yaudari ɗan Adam, kuma hakan ya faru. Sai dai akwai sauran bayani. Mai bincike ne ke tura saƙonnin a madadin samfurin, kuma ya ba shi ɗan haske a inda ya maƙale. Hukuncin ARC shi ne sigar da ta gwada ba ta iya kwafar kanta ko tara dukiya ita kaɗai ba. Shi ma wannan hukunci yana da iyaka, domin ba sigar ƙarshe da aka saki ta gwada ba, kuma ba a ba ta damar ƙara wa samfurin horo a kan waɗannan ayyuka ba. Abin da gwajin ya tabbatar ke nan: samfurin na iya ƙirƙiro ƙarya mai shiga hankali idan hakan zai kai shi ga abin da aka sa shi. Abin da bai tabbatar ba shi ne yadda zai kasance a hannun wanda ya ba shi kayan aiki mafi kyau da lokaci mai tsawo.

Ƙofar da aka bari a buɗe: harsuna

Wata bakwai bayan fitowar GPT-4, a Oktoban 2023, masu bincike uku a Jami'ar Brown ta Amurka suka yi wani abu mai sauƙin gaske. Sun ɗauki buƙatu masu cutarwa 520 da aka rubuta da Turanci, waɗanda samfurin ke ƙin amsa kusan dukkansu, domin abin da ke kuɓucewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai suka juya su da Google Translate zuwa harsunan da ba su da rubutu mai yawa a intanet: Zulu, Gelik na Sikotland, Hmong da Guarani. Da Zulu kaɗai, fiye da rabin buƙatun sun wuce. Da aka lissafa duk buƙatar da ta wuce ta ɗaya daga cikin harsunan huɗu, adadin ya kai kashi 79 cikin 100.

Dalilin a bayyane yake. Samfurin ya tsinci waɗannan harsuna gwargwadon da zai fahimci tambaya, amma horon ƙin amsawa da gwajin jar tawaga kusan duk da Turanci aka yi su. An gina katanga mai tsayi ta gaban gida, ta baya kuwa ko zana ba a kafa ba. Ba a sa Hausa cikin harsunan da aka gwada a wannan bincike ba, amma tana cikin rukunin masu ƙarancin rubutu a intanet, duk da miliyoyin masu magana da ita. Hakan na nufin rahoton gwajin da bai faɗi harsunan da aka yi amfani da su ba bai gaya wa mai amfani da Hausa komai a kan nasa halin ba. Fassarar inji ma ba ta wadatar wa mai gwaji, domin habaici, zaurance da kalaman tunzura jama'a da ɗan gari zai gane nan take sukan ɓace idan an fassara. Kamfanoni sun rage wannan ɓaraka daga baya, sai dai an gano ta ne bayan samfurin ya riga ya shiga hannun jama'a, kuma 'yan waje ne suka gano ta.

Me ya sa rashin ganowa ba shaida ba ce

Akwai lissafi mai sauƙi a nan. Idan aka yi gwaji 300 ba a ga kuskure ko ɗaya ba, ƙa'idar ƙididdiga ta ce abin da za a iya faɗa da tabbacin kashi 95 cikin 100 shi ne yawan kuskuren bai wuce 3 cikin 300 ba, wato kashi 1 cikin 100. Samfurin da zai karɓi irin waɗannan buƙatu miliyan ɗaya zai iya kuskurewa sau 10,000 ba tare da ya saɓa wa sakamakon gwajin ba. Wannan ma idan tambayoyin gwajin sun yi kama da na duniyar gaske ne. Mai mugun nufi kuwa yana koyo daga kowace faɗuwa, kuma hanya ɗaya tak yake buƙata.

Samfurin kansa yana iya sauyawa bayan gwaji. A 2023 masu bincike sun nuna cewa ƙarin horo da misalai 10 kacal, a kan kuɗin da bai kai senti 20 na dala ba, ya rushe yawancin takunkumin GPT-3.5 Turbo, wani samfurin OpenAI. Samfurin da aka saki kowa ya sauke a kwamfutarsa kuwa ba a iya janye shi a gyara.

Matsala mafi wuya ita ce halin da ke ɓoye. A Janairun 2024 masu bincike a kamfanin Anthropic suka horar da samfuri da gangan ya rubuta manhaja mai aminci idan an ce masa shekarar 2023 ce, ya cusa mata rauni idan an ce 2024 ce. Horon tsaro da aka saba bai cire wannan hali ba. Horo da farmakin jar tawaga ma, a wasu gwaje-gwajen, koya wa samfurin ya yi ya ƙara gane ainihin alamar da ke tayar da halin, ya kame a sauran lokuta. Masu binciken ne suka dasa halin, don haka binciken bai ce samfuran kasuwa na da shi ba. Ya nuna dai cewa idan akwai shi, gwajin waje zai iya wucewa bai gan shi ba. A 2025 rahotannin kamfanoni sun nuna sababbin samfura kan gane cewa gwada su ake yi, abin da ya sa aka ƙara mayar da hankali ga binciken abin da ke gudana a cikin samfurin, ba amsarsa kawai ba.

Hukumomi da dokoki

Bayan taron ƙasashe kan tsaron ƙirƙirarriyar basira da aka yi a Bletchley Park ta Birtaniya a Nuwamban 2023, Birtaniya da Amurka sun kafa cibiyoyin gwamnati masu gwada samfura kafin fitowarsu, bisa yardar kamfanonin. Umarnin Shugaba Biden na Amurka na 30 ga Oktoba 2023 ya wajabta miƙa wa gwamnati sakamakon gwajin jar tawaga na samfura mafiya girma, amma an soke shi ranar 20 ga Janairu 2025. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta wajabta irin wannan gwaji a kan samfuran da aka ɗauka suna da haɗari mai faɗi, kuma wannan sashe ya fara aiki ranar 2 ga Agusta 2025. Har yanzu kamfanin da ya ƙera samfurin ne galibi ke zaɓar masu gwaji, ya yanke musu wa'adi, wanda a wasu lokuta 'yan kwanaki ne, ya kuma zaɓi abin da zai wallafa daga sakamakon.