Mece ce gaɓa a Turanci, kuma yaushe -ed da -es ke ƙara ta?

Gaɓa ita ce yankin kalma da ke fita da bugun murya ɗaya, wasali a tsakiyarsa. A Hausa ido ma ya isa ya ƙirga: Gom-be biyu, A-za-re uku, domin yadda aka rubuta haka ake faɗa. Ɗalibi ya ɗauki wannan sabon ya kai Turanci, nan ake samun matsala. Can sauti ake ƙirgawa, harafi kuwa sau da yawa ado ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗafa-ƙeyar -ed. A saurari sautin da kalma ta ƙare da shi kafin a liƙa mata -ed. In t ne ko d, gaɓa ta ƙaru: wanted, needed, duk biyu-biyu. Dalili kuwa, harshe ba ya iya jera t ko d biyu a ƙarshe a ji su, sai an sa wasali ya raba. In wani sauti ne daban, harafin e bebe ne: walked, stopped, washed da played gaɓa ɗaya-ɗaya ne. Sauti aka ce fa. Kalmar decide da e aka rufe rubutunta, amma da d take ƙarewa a baki, shi ya sa decided ta zama uku.

Haka -es take, sai dai sautukan da ke jawo ƙarin su ne s, z, sh, c da j: boxes, watches, places, changes biyu-biyu; makes da hopes ɗaya.

A ɗauki jimlar The students watched the matches and clapped. Kalmomi bakwai ne, gaɓoɓi 9: students biyu, matches biyu, sauran biyar ɗin ɗaya-ɗaya. Yaron da ya kawo 11, ya ba watched da clapped biyu-biyu ne. Wanda ya kawo 12 kuma ya cusa wasali tsakanin s da t a farkon students, don Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu, kamar yadda muka yi wa burodi da sukurudireba. Abin lura, watched da matches duk a kan sautin c suka tsaya kafin a liƙa musu ɗafa-ƙeya, amma ɗaya ta ƙaru ɗaya ba ta ƙaru ba, domin c tana cikin masu jawo ƙari a -es, ba ta cikin na -ed.

Akwai 'yan tawaye, yawanci siffofi: naked da wicked biyu ne. Learned ɗaya ce in aikatau ce, biyu in ana nufin mai zurfin ilimi. Waɗannan sai hadda.

Malamai kan ce a sa hannu ƙarƙashin haɓa, a ƙirga sau nawa ta sauka. Dabarar ba laifi, amma furucinka take aunawa: in ka saba cewa "wa-ced", sau biyu haɓarka za ta sauka, ta ƙara tabbatar maka da kuskurenka.