Manhajar cikin rauta: sabuntawa da mayar da saitin kamfani

Rauta ita ce na'urar da ke raba intanet ta wayfay. Manhajar cikinta ita ce shirin da kamfani ya rubuta ya adana a ƙwaƙwalwar na'urar, kuma ita ke tafiyar da duk aikinta: haɗuwa da ƙarfen sabis, raba wayfay, bai wa kowace waya adireshi da tantance kalmar sirri. A shafin saiti ana ganinta da sunan `Firmware Version` ko `Software Version`. A ƙauyukan Kano da Jigawa, yawancin rautocin masu karɓar layin waya ne, irin na Huawei da ZTE da kamfanonin sadarwa ke sayarwa, sai kuma na TP-Link. Da intanet ta fara jan ƙafa, abin da aka fi ji daga bakin mutane shi ne "a yi mata risat" ko "a kai ta filashin". Risat shi ne mayar da saitin kamfani, filashin kuma canza manhajar. Gyare-gyare biyu ne daban, kowanne da ciwon da yake magani, kuma sau da yawa ba ɗayansu ake buƙata ba.

Bambancin gyare-gyaren

Kashewa da kunnawa ba ya goge komai, ƙwaƙwalwar aiki kawai yake sharewa. Mayar da saitin kamfani yana goge duk abin da mutum ya saita, wato sunan wayfay, kalmar sirri, `APN` da ke haɗa layi da intanet na kamfanin sadarwa, da `DNS` da ke fassara sunan shafi zuwa adireshi, amma manhajar tana nan yadda take, da tsufanta da kurakuranta. Sabuntawa kuwa canza manhajar ce da kanta, kuma galibi tana barin saitin yadda ta same shi. Saboda haka risat maganin gurɓataccen saiti ne, sabuntawa maganin kuskuren da kamfani ya yi ne wajen rubuta manhajar. Babu wadda ke ƙara ƙarfin sabis a cikinsu.

Gano inda ciwon yake

Hanya biyu ce saƙo ke bi: daga waya zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa ƙarfen sabis. Ana raba su da umarni biyu a kwamfutar da ke kusa da rautar:

```
ping 192.168.0.1
ping 8.8.8.8
```

Umarnin `ping` yana auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Adireshi na biyu na wata sabar Google ce a intanet. Na farko na rautar ne, sai a sa wanda ke rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta; rautocin Huawei da yawa `192.168.8.1` suke amfani da shi. Lafiyayyar rauta kan amsa cikin milisakan kaɗan, ƙasa da 10. In na farko na amsawa da sauri amma na biyu na jinkiri ko yana yankewa, ciwon a waje yake. Sai a duba `RSRP`, ma'aunin ƙarfin sabis, da `SINR`, ma'aunin tsabtarsa daga katsalandan, a shafin saiti. `RSRP` na wajen -80 mai ƙarfi ne, in ya gangara ƙasa da -110 sabis ya yi rauni ƙwarai, haka ma `SINR` da ya kusa sifili. Maganin wannan shi ne a ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen, nesa da kwanon rufi, ko a sa mata eriyar waje. A kuma duba data, domin tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka da yawa sukan rage gudu bayan an ci wani adadi.

Misali daga wani shago

A ɗauki shagon buga takardu da duba sakamakon jarrabawa a Maigatari, mai rautar 4G da ke kan wutar sola dare da rana. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, intanet kan yi nauyi tun daga hantsi. An gwada: rauta na amsawa a milisakan 3, `RSRP` na -88, amma `8.8.8.8` na kaiwa milisakan 600. Sabis na da ƙarfi, ƙarfen ne ya cika da wayoyin 'yan kasuwa, kuma da dare komai ya koma daidai. Ko sau goma aka yi risat ba abin da zai canja.

Amma a shagon akwai wani nauyin da bai bi ranar kasuwa ba. Bayan kwana uku ko huɗu a kunne, ita kanta rautar sai ta koma amsawa a milisakan 300, shafin saitinta ya ƙi buɗewa, wayoyi su riƙa faɗuwa daga wayfay. Da an kashe ta an kunna sai ta warke, bayan 'yan kwanaki ta sake. A nan akwai zargi biyu. Na farko zafi: yawancin rautocin gida an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, alhali a watan Afrilu zafin wannan yanki kan haura 40 ko a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. In nauyin na zuwa da azahar ya tafi da dare, zafi ne, sai a sauke ta daga kan inbata a ba ta iska. In kuwa yana bin yawan kwanakin da ta yi a kunne, ko da asubar hunturu ne, to alama ce ta manhajar da ke cin ƙwaƙwalwa ba ta saki. Wannan ne ciwon da sabuntawa ta dace da shi.

Yadda ake sabuntawa

Rautocin kamfanonin sadarwa galibi daga shafin saiti ake sabunta su, a wurin da aka rubuta `Update` ko `Check for updates`. Na TP-Link ana iya sauke musu fayil daga shafin kamfanin, kuma dole ya dace da lambar samfurin da kuma zubin ƙirarta, irin `V3` ko `V5` da ke kan takardar. Rautoci biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a ciki, fayil ɗin wata na iya kashe wata.

Babban haɗarin a karkara shi ne wuta. In ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhajar, rautar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Kada a fara a kan janareto mai tangal-tangal ko batirin sola da ya kusa ƙarewa da yamma. A yi da rana batir na cike, a haɗa kwamfuta da kebul in da hali, kar a taɓa komai har ta sake tashi da kanta. Mintoci kaɗan ne. Filashin da ake yi don buɗe rauta ta karɓi kowane layi wani abu ne daban, domin sau da yawa manhajar da aka yi wa kwaskwarima ake ɗorawa, daga nan kuma sabuntawar kamfani na iya daina zuwa.

Tsaro ma dalili ne, ko da gudu bai ragu ba. A 2016 mugun shirin Mirai ya mamaye ɗimbin rautoci da kyamarori masu amfani da kalmar sirrin kamfani, a 2017 kuma aka bayyana raunin KRACK a tsarin WPA2 na kare wayfay, wanda sai da sabunta manhajoji aka toshe shi. Rautar da kamfaninta ya daina fitar mata da sabuwar manhaja ba ta da sauran gyara ta wannan fuska, sai canji.

Lokacin risat

Risat ya dace da rautar da aka saya ta hannu, ko wadda hannaye da yawa suka taɓa saitinta: wani ya kulle ta a kan `3G only`, wani ya rage wa wasu wayoyi gudu, wani ya canza `DNS`, ko an manta kalmar shiga. Ya kuma dace in rautar ta rikice bayan sabuntawa, domin tsohon saiti kan yi karo da sabuwar manhaja.

Kafin a fara, a ɗauki hoton shafin `APN` da na wayfay. Sannan, rautar na kunne, a danna ɗan maɓallin da ke cikin ramin da aka rubuta `Reset` da tsinke na kusan daƙiƙa 10 har fitilu su canja. A sake saiti da hannu maimakon mayar da tsohon fayil ɗin ajiya, don kada a dawo da abin da aka gudu. Nan take a canza kalmar shiga shafin saiti da ta wayfay, a zaɓi `WPA2` ko sama da shi, a kashe `WPS`, hanyar shiga wayfay ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Wani lokaci saurin da ake gani bayan risat ba daga saiti ya zo ba: kalmar sirri ce ta canja, wayoyin maƙwabta da ke shan datar suka sauka. Duba jerin `Connected Devices` tun farko kan nuna hakan ba sai an goge komai ba.