Bibiyar Rancen Ƙungiyar Gama Kai ta Ma'aikata a Takardar Albashi

Bibiyar rancen ƙungiyar gama kai ita ce daidaita abin da aka cire wa ma'aikaci daga albashinsa kowane wata da abin da ƙungiyar ta rubuta a kan sunansa, domin a san ragowar bashin da ke kansa, da yawan ajiyarsa, da hannun jarin da ya tara. A Sakkwato akwai irin waɗannan ƙungiyoyi, waɗanda aka fi kira kofaretib, a tsakanin ma'aikatan jami'o'i da kwalejoji da asibitoci da ma'aikatun gwamnati. Abin da ya bambanta su da adashi shi ne kuɗin ba ya bi ta hannun ɗan ƙungiya. Ofishin albashi ne ke cirewa tun daga tushe, sannan ya tura wa ƙungiyar a dunƙule.

Dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Najeriya ta fito a 1935, bayan rahoton da C. F. Strickland ya gabatar a 1934, dokar tarayya da ake aiki da ita yanzu kuma ta 1993 ce. Amma abubuwan da suka shafi ɗan ƙungiya kai tsaye, kamar iyakar rance da tsawon lokacin biya da ribar da ake ɗorawa, suna cikin kundin ƙa'idojin kowace ƙungiya, kuma sun bambanta daga wannan zuwa waccan.

Abin da takardar albashi ke nunawa

Takardar albashi shaida ce ta abin da ya fita a wata guda. A ɓangaren cirewa, a ƙarƙashin harajin albashi na PAYE da kuɗin fansho da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, ake samun layin kofaretib, sau da yawa da gajeren suna irin COOP ko CTLS. Wasu ofisoshin kan raba shi gida biyu, rance daban ajiya daban, wasu kuma har da ragowar bashi suke bugawa a gefe. Mafi yawa dai adadi ɗaya ake gani, wanda ya haɗa abu uku: kason biyan rance, da ajiyar wata, da kuɗin hannun jari. Wani lokaci akan ƙara bashin kayan abinci, kamar shinkafa da sukari na azumi ko ragon layya.

Ko da takardar ta buga ragowar bashi, wannan adadi lissafin ofishin albashi ne, wanda ya ɗauko daga umarnin da ƙungiya ta aika masa tun farko. Littafin da ake hukunci da shi shi ne lejar ƙungiya, inda kowane ɗan ƙungiya ke da shafinsa, sai ɗan littafin asusu, wato fasbuk, da ke hannunsa ko takardar bayanin asusu da ake buga masa. Tsakanin takardar albashi da leja akwai zango guda da mutane ke mantawa da shi, wato tura kuɗin. Bayan an biya albashi, ofishin basa, wato ma'ajin makaranta, ko na akanta, ko kuma tsarin biyan albashi na IPPIS da gwamnatin tarayya ta fara a 2007 ga ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa, shi ke tura jimillar abin da aka cire zuwa asusun ƙungiya tare da jerin sunaye. Sai jerin ya iso sakataren kuɗi zai iya raba wa kowa nasa. Jinkirin wata ɗaya ko biyu a wannan zango ba baƙon abu ba ne, kuma daga nan yawancin saɓani ke tasowa.

Misali da lissafinsa

A ɗauki wata malama da ke da ajiyar naira 300,000 a ƙungiyar ma'aikatar da take aiki. Ƙungiyoyi da yawa kan ba da rance har ninki biyu na ajiyar mutum, don haka ta cancanci 600,000. Saboda gudun kuɗin ruwa, ƙungiyoyi da dama a Sakkwato da sauran garuruwan Arewa sun fi son tsarin murabaha, wato ƙungiya ta sayi kayan da ake buƙata ta sayar wa ɗan ƙungiya da riba sananniya, ya biya kaɗan-kaɗan. A wannan misali an saya mata kayan gini na 600,000, an ɗora ribar kashi 10 cikin 100, bashin ya zama 660,000, za ta biya cikin wata 20. Kason kowane wata 33,000 ke nan, wanda 30,000 uwar kuɗi ce, 3,000 riba. Tana kuma zuba ajiyar 10,000 da hannun jari na 2,000. Saboda haka layin kofaretib a takardarta, wanda a da yake nuna 12,000, zai koma 45,000.

Abu na farko da ya kamata ta rubuta shi ne watan da aka fara cirewa, domin ba lallai ya zama watan da ya biyo bayan karɓar kaya ba. Ofishin albashi yana da ranar da yake rufe karɓar sauye-sauye. Idan ta karɓi kayan a ƙarshen Maris, umarnin cirewa kuma ya isa bayan an rufe na Afrilu, to sai a albashin Mayu za a ga 45,000. Daga Mayu ake fara ƙirga wata 20, biyan ƙarshe ya faɗa a Disambar shekara mai zuwa. Wanda ya fara ƙirga daga Afrilu zai zaci ya gama a Nuwamba, ya je ofis da ƙorafin an cire masa fiye da ƙima alhali ba a cire ba.

A ƙarshen Disamba ta farko an cire mata sau 8, wato 264,000, saura 396,000. Wannan shi ne adadin da za ta riƙe a hannu kafin ta nemi a buɗe mata leja.

Yadda ake gane tushen saɓani

Idan adadin leja bai yi daidai da nata ba, girman bambancin ne ke nuna inda matsalar take. Ƙwararren sakataren kuɗi ba ya fara da bin shafi layi-layi, bambancin yake fara dubawa.

A ce leja ta nuna 429,000. Bambancin 33,000 ne cif, wato kason wata guda. Mafi kusa shi ne kuɗin Disamba bai iso ba, ko ya iso ba a shigar ba. Ana tabbatarwa ta duba ajiya da hannun jari: idan su ma sun gaza da 10,000 da 2,000, to watan ne gaba ɗaya bai shiga ba. Idan kuma haka lamarin yake a shafin sauran abokan aiki, jinkirin turawa ne, zai daidaita da kansa. In ita kaɗai ce abin ya shafa, akwai yiwuwar an zuba kuɗinta a shafin wani. Wannan kan faru inda sunaye suka yi kama, kuma a gari irin Sakkwato, inda ma'aikata guda kan tara masu suna iri ɗaya da sunan uba iri ɗaya, lambar ma'aikaci ce abin dogaro, shi ya sa ake so ta kasance a kan kowace takarda.

A ce kuma leja ta nuna 384,000, ƙasa da lissafinta da 12,000. Da yawa kan yi shiru a nan, suna ganin gaba ta kai su. Abin da ya faru shi ne a wani wata an zuba duka 45,000 a kan bashi, ba a raba ba. Ajiyarta ta gaza da 10,000, hannun jarinta da 2,000. Jimillar kuɗinta ba ta ɓata ba, amma tun da ba a rage mata ribar da aka riga aka ɗora ba, babu abin da ta samu, kuma ta rasa wani abu a wajen rabon ribar shekara da kuma iyakar rancen da za ta iya nema nan gaba.

Akwai kuma tsohuwar alamar akantoci: idan bambancin ya rabu da 9 ba saura, a duba ko an juya lambobi, kamar a rubuta 54,000 a maimakon 45,000.

Wani lokacin matsalar tana kan takardar albashin kanta. Idan an yi ƙarancin biya a wani wata, ko sunan mutum ya faɗi daga jerin albashi lokacin tantance ma'aikata, ba a cire komai ba, bashin kuma yana nan. Ranar da aka biya ariyas ya kamata a duba ko an cire kason watan da aka tsallake. In ba a cire ba, wa'adin ya matsa da wata guda, ƙungiya kuma tana iya ɗaukar sa a matsayin wanda ya gaza biya, har ta waiwayi masu tsaya masa.

Hannun jari da ajiya

Ana yawan gwama waɗannan biyu domin layi ɗaya suke bi. Ajiya kuɗin ɗan ƙungiya ne da aka ba ƙungiya riƙo, ana iya cire wani ɓangare bisa ƙa'ida, galibi idan ba bashi a kansa. Hannun jari kuwa rabonsa ne na mallakar ƙungiyar, ba a saba taɓa shi ba sai zai fita, ko ya yi ritaya, ko magada sun zo bayan rasuwa. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan malamar ta shiga Janairu da 48,000, tana zuba 2,000, to a ƙarshen Disamba 72,000 ya kamata a gani. Bayan babban taron shekara, idan an amince da rabon riba, sai a duba ko an biya ta a banki ko an ƙara ta a kan jari, domin wannan ƙarin ba zai taɓa fitowa a takardar albashi ba. Haka duk kuɗin da mutum ya tura da kansa ta banki don rage bashi. Rasit ne kaɗai shaidarsa.

Ƙarshen biya

Wanda ke son biyan ragowar bashi gaba ɗaya kafin wa'adi ya tambayi abin da kundin ƙa'idoji ya ce. A cikin 396,000 na malamar, 360,000 uwar kuɗi ce, 36,000 ribar watanni 12 da suka rage. A murabaha farashin ya riga ya tabbata tun ranar ciniki, don haka yafe wani abu daga ribar yana ga ƙungiya.

Ko an biya da wuri ko an kai ƙarshen wa'adi, cirewa ba ta tsayawa da kanta a ofisoshin da ba a shigar da watan ƙarewa ba. Sai ƙungiya ta aika umarnin dakatarwa kafin ranar rufewa. Saboda haka ya fi kyau malamar ta tuna wa sakataren kuɗi tun a Nuwamba, sannan ta duba takardar Janairu ta ga layin ya koma 12,000. Idan har yanzu 45,000 ne, an cire rarar 33,000, kuma ƙungiya ce za ta mayar mata, ko ta zuba a ajiyarta da yardarta, tun da can kuɗin ya tafi. A lokacin ne kuma ake karɓar takardar shaidar kammala biya, a ba masu tsaya mata kwafi domin a sauke sunayensu daga leja.