Kash, kukis da fasuwod: wanne ne wanne in laftof ɗinka Jamusanci yake ji

Ƙanina da ke sayar da kayan waya a Agege ya sayo laftof tokumbo a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, mai kyau ce wallahi kuma an yi masa sauƙi, sai dai komai na cikinta Jamusanci ne tun daga Windows har Chrome. Ya kusa wata biyar yana amfani da ita a haka, tunda ya haddace inda yake dannawa. Rannan wani shafi da yake cike fom a ciki ya ƙi buɗewa da kyau, yana ta dawo masa da tsohon shafi, wani a layinsu ya ce masa ai kash za ka share kawai. Ya kira ni da daddare ya ce "Yaya, na shigo wajen sharewar amma akwatuna sun fi biyar kuma duk da alama a kansu, in danna shuɗin maɓallin?" Na ce kar ka taɓa komai, turo min hoto tukuna.

Toh abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su kash, alhali ba su da haɗi sai dai tagar sharewarsu ɗaya ce.

Kash shi ne kwafin hotuna da sauran fayilolin shafi da burauza ke ajiyewa a cikin na'urarka, don in ka dawo gobe kar ta sake saukowa da su da datarka. Matsalarsa ɗaya, wani lokacin masu shafi sun canza abu amma ita burauzar tana nan riƙe da tsohon kwafi, sai shafin ya fito a karkace ko maɓalli ya ƙi dannuwa. In ka share shi ba ka yi asarar komai ba, iyaka shafuka su ɗan yi nauyi a buɗewar farko su ci data kaɗan.

Kukis kuma kamar ɗan katin nan ne da ake ba ka a geti in ka shiga da mota, wanda ke nuna an riga an duba ka. Ranar da ka sa suna da fasuwod, shafin ya ba burauzarka wata 'yar shaida, duk dawowar da ka yi ita ake nunawa shi ya sa ba a sake tambayarka. Ka share kukis, ka yar da katin. Asusunka na nan lafiya lau babu abin da ya same shi, amma kusan kowane shafi zai ce shigo sabo, WhatsApp ɗin da ka haɗa da laftof ma sai ka sake haɗawa da waya. Ga wanda ya san fasuwod ɗinsa wahalar minti goma ce. Wanda kuma ya buɗe asusu da layin da ya ɓata tun a danfo bara, kuma can za a tura lambar tabbatarwa, shi kam ya shiga uku.

Na ukun, fasuwod ɗin da aka adana, wato duk lokacin da burauza ta tambaye ka ta riƙe maka ka ce e. Wannan in ya tafi ya tafi, babu kwandon shara da za ka je ka tono shi. Abin da ya fi ciwo, in ka shiga Chrome da asusunka na Google kuma fasuwod ɗin a can suke ajiye, sharewar ba a laftof kaɗai take tsayawa ba, har na cikin wayarka sai su bi.

Yanzu hoton da ya turo. A sama akwai shafi biyu, Grundlegend da Erweitert, su ne Basic da Advanced na Turanci, kuma shi a kan Erweitert yake. A ƙasa ga jerin akwatuna, kuma abin da nake so kowa ya riƙe shi ne ba sai ka ji yaren ba, ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin kowane layi shi ke tona asirinsa, don lambobi da sunayen shafuka ba a fassara su. Layin da aka rubuta Bilder und Dateien im Cache, a ƙarƙashinsa akwai 412 MB. A jerin nan kash kaɗai ake aunawa da MB, to duk inda ka ga lamba da MB ka same shi. In laftof ɗin ta Faransanci ce irin waɗanda ke shigowa ta Kwatano, Mo za ka gani a madadin MB, layin kuma Images et fichiers en cache. Kukis ma bai da wuyar ganewa don kalmar Cookies yawancin yarukan Turai haka suka bar ta, nasa an rubuta Cookies und andere Websitedaten da adadin shafuka a ƙasa. Sai wani layi can ƙasa, Passwörter und andere Anmeldedaten, ƙarƙashinsa lamba 37 sannan sunayen shafuka biyu a baka, har da facebook.com. Na Faransanci Mots de passe yake farawa. Fasuwod 37 kenan, kuma akwai alama a akwatin.

Ya rantse min ba shi ya sa ba, kuma na yarda. Chrome yana tuna zaɓin da aka yi na ƙarshe a tagar nan. Mai shagon da ya goge kayan tsohon mai ita kafin ya sayar, shi zai yi wa komai alama ya share, sai alamomin su zauna a haka suna jiran na gaba. Wannan ne tarkon tokumbo da ba a faɗa wa mutane, kai kana ganin haka tsarin ya zo daga kamfani, ka danna shuɗi kawai.

Akwai kuma wani akwati a saman jerin, Zeitraum, wato tsawon lokacin da sharewar za ta shafa. Nasa yana kan Gesamte Zeit, ma'ana tun farko har yau. Letzte Stunde shi ne awa ɗaya da ta wuce, kuma jerin daga gajere yake tafiya zuwa dogo, na ƙarshe shi ne duka. Don kash, zaɓi duka ɗin ba laifi, hasalima shi ya kamata, tunda tsohon kwafin da ke damunka ba yau aka ajiye shi ba, in ka zaɓi awa ɗaya ba lallai ka taɓa shi ba sai ka ce ai na share bai yi ba. Amma duka ɗin nan haɗe da alama a kan fasuwod, shi ne ake kwana ana kuka.

Abin da na sa ya yi kaɗan ne. Ya cire alama daga kowane akwati ya bar mai MB kaɗai, ya sake turo hoto na ƙirga da idona, sannan ya danna Daten löschen. Ɗayan maɓallin na gefensa, Abbrechen, shi ne fasawa, kalma ce da ya kamata duk mai laftof ɗin Jamus ya haddace kafin ma ya koyi gaisuwarsu.

Shafin bai gyaru ba.

Ya ce "Yaya to in haɗa da kukis ɗin ne?" Na ce dakata. Da ma ya kamata tun farko mu yi gwajin da ke nuna inda matsalar take, ni ne na yi gaggawa. Ka danna Ctrl da Shift da N, wata taga mai duhu za ta buɗe wadda ba ta amfani da kukis ɗinka na kullum, sai ka shiga shafin ta can. In ya ƙi a can ma, to matsalar daga wajen masu shafin ne ko netiwok, ko ka share duniya ba zai gyaru ba, irin shafukan da ke cushewa ranar rufe rijista kenan. Nasa ya buɗe tsaf a taga mai duhun, kenan tunda kash ya riga ya tafi, zargi ya koma kan kukis na wannan shafin. Na wannan shafin kaɗai fa, ba na duka ba. Sai na ba shi adireshin nan ya rubuta a sama:

```
chrome://settings/content/all
```

Jerin duk shafukan da suka ajiye wani abu a burauzar zai fito, da wajen bincike a sama, ya rubuta sunan shafin, ya danna hoton kwandon shara da ke gefensa. Shikenan, ya sake shiga da fasuwod ɗin da Chrome ta cike masa da kanta tunda ba mu taɓa su ba, fom ya buɗe, sauran asusunsa ko ɗaya bai fita ba.

Daɗin adireshin nan shi ne ba ruwansu da yare, ko burauzar Sinanci take ji haka za ka rubuta su da Turanci. Na tagar sharewa da na duba fasuwod da na canza yare su ne:

```
chrome://settings/clearBrowserData
chrome://password-manager/passwords
chrome://settings/languages
```

A Edge sai ka sa edge a madadin chrome a na farkon. A kan kwamfuta nake magana, a wayar Android ta ɗigo ukun nan na sama ake bi. Mun ɗan sha fama wajen rubutawa don madannan Jamus daban suke, alamar / tana kan Shift da 7, ɗigo biyu kuma Shift da ɗigo, sannan Y da Z sun yi musanyar wuri. Ctrl ma ba za ka gan shi ba, Strg aka rubuta, Delete kuma Entf, to Ctrl da Shift da Delete ɗin da ke buɗe tagar sharewa kai tsaye a wajensa Strg da kibiyar sama da Entf ne.

Ba kowace burauza ke da layin fasuwod a tagar ba, ya danganta da irinta da kuma sabuntarta. Firefox misali ba ta share fasuwod daga tagar share tarihi, nasu yana wani ɗaki daban a about:logins, shi ya sa in hotonka bai yi kama da wanda na kwatanta ba kar ka bi lissafin layi na uku ko na biyar, ka bi ƙaramin rubutun.

In kuma da gangan kake son share fasuwod, misali za ka sayar da laftof ɗin ko ka shiga asusunka a shagon buga takardu, kar ka bi ta akwatin nan alhali Google ɗinka na ciki, don naka na waya za ka ƙone. Ka buɗe passwords.google.com a wayarka ka tabbatar suna nan, sannan a laftof ɗin ka cire bayanin martabarka gaba ɗaya daga Chrome, ta hoton kanka da ke sama gefen dama. Wannan na'urar kaɗai yake gogewa, na cikin asusun suna nan.

Kafin mu ajiye waya na ce ya shiga adireshin yaren ya ƙara English, ya danna ɗigo ukun gefensa ya yi alama a zaɓin nuna Chrome da shi, ya rufe ya buɗe. Ya ce a'a shi fa ya saba da Jamusancinsa, in aka canza sai ya ɓata. Har yanzu a haka take, amma dai akwatin Passwörter babu alama.